Sibin ɗan gida da sibin baƙo: yadda ake auna kowanne idan gurbi ɗaya suke nema

Gurbin shugaban sito ya buɗe a wani kamfani, takardu biyu suka rage a gaban kwamiti. Ta farko shafi ɗaya ce, ta wata ma'aikaciya da ta shekara 6 a sitonsu. Abin da ta rubuta bai wuce jerin ayyukanta ba: karɓar kaya, shigar da su a kwamfuta, fitar da su bisa takardar izini, ƙirgen ƙarshen wata. Ta biyu shafi biyu ce, tsaf da ita, ta wani mutum daga wani kamfanin, kuma kowane layi da lambarsa: ya rage ɓacewar kaya da kashi 30 cikin ɗari, ya jagoranci mutum 12, ya kawo sabuwar manhajar lissafin kaya. Duk wanda aka miƙa wa takardun nan biyu bai san komai ba, cikin minti ɗaya zai ɗauki ta biyu. Tambayar ita ce ko kwamitin da ya san mai takarda ta farko shi ma haka ya kamata ya yi, ko kuwa ya ture takardun gefe ya ce ai mun san ta.

Duka biyun kuskure ne, kuma dalilin yana cikin aikin da sibi, wato takardar tarihin karatu da aikin mutum, take yi a kowane ɓangare.

Ga mai neman aiki daga waje, sibi ita ce kusan duk abin da ake da shi a matakin farko. Shi ya sa ake tace ta da sauri kuma da tsauri. Ana duba ko yana da takardar shaidar da aka nema, shekara nawa ya yi a irin aikin, ko akwai giɓi a tarihinsa da bai bayyana ba, ko yana yawan tsalle daga wannan wuri zuwa wancan, ko sunayen muƙamansa suna hawa ko sun tsaya cik. A wasu manyan kamfanoni ma manhaja ce ke fara tacewa da kalmomin da aka saka a sanarwar aikin kafin idon mutum ya kai kanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nuna kai tsaye cewa mutum ya iya aiki. Alamu ne kawai da ake dogara da su saboda ba a taɓa ganin aikinsa ba. Digiri yana cewa wataƙila zai iya koyo, shekaru biyar suna cewa wataƙila ya ga matsalolin da za su taso. Duk “wataƙila” ne.

Ɗan gida kuwa an ga aikinsa. Akwai rahotannin kimanta aikinsa na kowace shekara, akwai rajistar zuwa aiki, akwai abin da odita ya rubuta a kan sashensa, akwai mutanen da suka zauna tebur ɗaya da shi. A cikin duk waɗannan shaidu, sibinsa ita ce mafi rauni. Sau da yawa ma bai taɓa ta ba tun ranar da aka ɗauke shi, sai da sanarwa ta fito ya ƙara layi biyu a sama. Ba ya zuzuta kansa, don yana ganin ai kowa ya sani, kuma yana jin nauyin rubuta “ni na yi” a kan aikin da waɗanda za su karanta suka san da hannun wasu a ciki. Baƙo ba shi da wannan nauyin. Babu wanda zai ɗaga kai a ɗakin ya ce a'a, wannan aikin mu huɗu muka yi shi.

Daga nan ne rashin daidaito mafi girma yake fitowa, kuma yana yanka ta ɓangare biyu. Kwamiti ya san laifuffukan ɗan gida ɗaya bayan ɗaya: ranar da ya ɗaga murya a taro, odar da ya manta shekara uku da suka wuce, watan da ya yi ta makara lokacin da yake jinyar wani nasa. Na baƙo kuwa ba a san ko ɗaya ba, fuskar da ya zaɓa ya nuna kawai ake gani. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ta ɗaya ɓangaren kuma, sabawa da mutum tana rufe ido. Mutumin da kowa ke so, mai fara'a, wanda bai taɓa ƙin aike ba, ana iya ɗaga shi zuwa kujerar da ba shi da ko ɗaya daga cikin abin da take buƙata, kuma babu wanda zai tambaye shi abin da za a tambayi baƙo.

Wasu wurare suna magance wannan da cewa a yi wa kowa rariya ɗaya: ɗan gida ya shigar da takardarsa ta hanyar da kowa ya bi, a tace ta kamar ba a san shi ba. Amfaninsa a fili yake, yana toshe bakin masu cewa an yi son kai, kuma yana da sauƙin karewa idan wani ya yi ƙorafi. Illarsa ita ce ana zubar da shaida mai ƙarfi a riƙe mai rauni. Na taɓa zama a kwamitin da aka cire wani ma'aikaci tun a tacewar farko saboda sanarwa ta ce digiri, shi kuma difloma yake da ita, alhali shi ke riƙon ƙwaryar wannan kujerar wata bakwai. Sai da jerin sunaye ya iso gabanmu wani ya tambaya ina wane, aka yi shiru. Wasu wuraren kuma suna bin akasin haka: manaja ya ce na san shi, a ba shi, ba sibi ba intabiyu. Wannan yana da sauri, amma yana mai da ƙarin girma ladan biyayya ko na daɗewa, kuma ma'aikacin da ke wani sashe can nesa da idon manaja ba zai taɓa samun dama ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne ma'auni ɗaya, amma majiyar shaida daban. A rubuta abin da sabuwar kujerar take buƙata kafin a buɗe takardar kowa, sannan a nemi shaidar kowane abu daga inda ta fi ƙarfi ga kowane ɗan takara. Bari mu koma sito mu gani a aikace.

A ce kwamitin ya amince da abubuwa huɗu: kiyaye daidaiton lissafin kaya, jagorantar ma'aikata 8, iya mu'amala da masu kawo kaya da sashen kuɗi, sai rubuta rahoton wata da manyan shugabanni za su iya yanke shawara da shi. Kowanne maki 1 zuwa 5, jimla 20. Idan da sibi kaɗai aka yi aiki, matar cikin gida za ta samu 3 a lissafi tunda ta ambaci ƙirge, 1 a jagoranci tunda ba ta ce komai ba, 2 a mu'amala, 2 a rahoto. Takwas ke nan. Mutumin waje zai samu 5, 4, 4, 4, wato 17. Tazarar kamar ba ta da magani.

Sai a fara aikin da ya dace da kowanne. Sibin baƙo jerin iƙirari ce, aikin kwamiti shi ne ya gwada su. A intabiyu aka tambaye shi kashi 30 ɗin nan daga nawa zuwa nawa ne, cikin wata nawa, kuma me shi da kansa ya canza. Ya amsa da gaskiya cewa raguwar ta zo ne a shekarar da kamfaninsu ya saka kyamarori ya kuma sauya masu gadi, shi nasa shi ne tsara sabon jadawalin ƙirge. Aiki ne mai kyau, amma ba na maki 5 ba, sai ya dawo 3. Mutum 12 ɗin gaskiya ne, tsohon shugabansa ya tabbatar ta waya, har ya ƙara da cewa ya iya raba aiki. Maki 4 ya tsaya. A kan masu kawo kaya, ashe a wurinsu wani sashe ne daban yake hulɗa da su, shi takarda kawai take iso masa, sai ya koma 3. Rahoto kuwa, an ba shi wasu alƙaluma aka ce ya taƙaita su cikin rabin awa, ya yi tsaf, 4. Jimla 14.

Sibin 'yar gida kuma ba gwada ta ake yi ba, cike ta ake yi. Aka buɗe fayil aka ga a ƙirge huɗu na ƙarshe da odita ya yi, ɓangaren da take kula da shi ne ya fi kowanne ƙarancin bambanci tsakanin abin da ke kwamfuta da abin da ke kan kanta. Wannan ba iƙirari ba ne, rubutaccen abu ne da wani ya sa wa hannu, 5. A jagoranci, an gano ta riƙe sito sau biyu lokacin da shugabanta ya tafi hutu, mako huɗu kowane karo, kuma ita ta koya wa sababbin ma'aikata uku aiki. Ba ta rubuta ko ɗaya ba. Amma ba ta taɓa tsawatar wa kowa a hukumance ba, ba ta taɓa raba hutu tsakanin mutum biyu da ke son mako ɗaya ba, don haka 3 ne, ba 4 ba. Akanta ya ce idan takardar biya ta saɓa da kayan da aka kawo, ita yake kira, kuma kafin yamma ta warware, 4. Rahoto, an ba ta irin aikin da aka ba baƙo, cikin rabin awa ɗin nan, ta jera alƙaluma daidai amma ba ta faɗi abin da suke nufi ba. Maki 2 ya zauna. Jimla 14.

Sun yi kunnen doki, kuma na shirya misalin haka da gangan, don a nan ne ainihin zaɓin yake farawa. Amma a lura da abin da ya faru a hanya: makin baƙo ya sauko da aka bincika, na 'yar gida ya hau. Haka abin yake tafiya a mafi yawan lokuta, shi ya sa yanke hukunci a matakin takarda kusan kullum baƙo yake yi wa daɗi. A lura kuma da abu ɗaya da aka yi musu iri ɗaya sak, wato gwajin rahoto. Duk inda babu shaida a fayil, ba a ba ɗan gida maki don an san shi. A gwada shi kamar kowa, da tambayoyi iri ɗaya da lokaci iri ɗaya.

Wannan batun na ƙarshe yana da muhimmanci saboda tarkon da aka fi faɗawa wajen ƙarin girma. A 1969 wani marubuci mai suna Laurence J. Peter ya fito da ra'ayin da ake kira da sunansa, cewa ana ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake yi, har sai ya kai kujerar da bai iya ba, a nan zai tsaya. An daɗe ana ɗaukar maganar kamar raha, sai a 2019 Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue suka wallafa binciken da suka yi a kan ma'aikatan sayar da kaya a kamfanoni da dama a Amurka. Sun samu cewa waɗanda suka fi iya sayarwa su aka fi ɗagawa zuwa manaja, kuma a matsakaici ba su ne suka fi iya manajancin ba. Darasin ga mai karanta fayil ɗin ɗan gida shi ne ya raba shaida gida biyu. Akwai wadda ke nuna ya iya aikinsa na yanzu, akwai wadda ke nuna ya taɓa yin wani yanki na aikin da zai hau. Maki 5 na matar nan a lissafi na rukunin farko ne. Makonni takwas na riƙon ƙwarya da koyar da mutum uku su ne na rukuni na biyu, kuma su ya kamata a fi tono bayani a kansu: me ya faru a makonnin, kaya sun makale ko sun tafi, wani ya kai ƙara ko bai kai ba.

Fayil ɗin ma ba a haɗiye shi haka nan. Rahoton kimanta aiki rabinsa hoton ma'aikaci ne, rabinsa hoton shugaban da ya rubuta. Akwai shugaban da kowa a ƙarƙashinsa “nagari ƙwarai” ne, akwai wanda bai taɓa ba kowa sama da matsakaici ba. Hanyar ganewa ita ce a duba makin da wannan shugaban ya ba sauran mutanensa a shekarar. Idan duk takwas sun samu maki mafi girma, makin bai faɗi komai ba. Akwai kuma shugaban da zai rage wa ma'aikacinsa yabo daidai lokacin da gurbi ya buɗe, don ba ya son rasa wanda ke ɗauke masa rabin aiki. Alamarsa ita ce rahotannin baya duk yabo ne, amma da aka tambaye shi baki da baki sai ya ce “bai isa ba tukuna” ba tare da misali ko ɗaya ba. Shi ya sa ake tambayar wani na gefe, irin akantan nan, wanda ba ya cin riba ko asara da tafiyarta. Tsohuwar takardar tuhuma kuma a yi mata tambaya ɗaya: an sake? Idan sau ɗaya ne shekaru huɗu da suka wuce, a tuna baƙo ma yana da irinta a wani fayil da ba za a taɓa nuna wa kwamiti ba.

Shekaru da sunan muƙami ma ba a karanta su iri ɗaya. A takardar baƙo, muƙamin da bai canza ba shekara 6 yana sa a ɗaga gira. A takardar ɗan gida, kwamiti ya san ko kamfanin ne bai buɗe gurbi ba duk tsawon lokacin, kuma yana iya duba ko aikin ya faɗaɗa ko da sunan bai motsa ba. Amma daɗewa ita kaɗai ba shaida ba ce. Wani shekara 6 ya yi yana ƙaruwa, wani shekara ɗaya ya maimaita sau shida. Batun takardar makaranta kuwa, idan doka ko lasisin sana'a ko rubutaccen tsarin ma'aikata ne ya wajabta ta, babu zancen sassauci ga kowa. Idan kuwa an saka ta ne don rage tulin masu nema, to a gyara sanarwar tun farko ta ce “ko gogewar da ta yi daidai da haka”, ta shafi na ciki da na waje. Ɗage sharaɗi ga mutum ɗaya bayan an ga sunansa shi ne ke jawo ƙorafin da ba a iya karewa.

To, kunnen dokin nan fa? Abu biyu nake dubawa. Na farko, giɓin wa ya fi saurin cikewa. Rubuta rahoto abu ne da ake koya wa mutum cikin wata biyu ko uku idan wani ya zauna da shi ya gyara masa na farko da na biyu. Sanin kayan kamfani, da halin kowane mai kawo kaya, da wanda ake kira idan abu ya cije, wannan yana cin lokaci mai tsawo, kuma ba a koyar da shi a aji. Matthew Bidwell na makarantar koyon kasuwanci ta Wharton ya wallafa bincike a 2011 a kan ma'aikatan sashen bankin zuba jari na wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Amurka. Ya samu cewa waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyan su kusan kashi 18 cikin ɗari sama da waɗanda aka ɗaga daga ciki zuwa irin kujerar, kuma makin aikinsu ya fi ƙasa a shekaru biyun farko, kuma sun fi barin aikin. Kamfani ɗaya ne a sana'a ɗaya, bai kamata a mai da shi doka ba. Amma ya nuna cewa takardar da ta fi kyau tana zuwa da tsada, kuma sabawa da wurin aiki tana ɗaukar lokaci fiye da yadda masu ɗauka suke zato.

Na biyu, me sashen yake buƙata yanzu. Idan sito yana tafiya daidai, ana son wanda zai riƙe shi ya inganta, zan ba 'yar gida, in rubuta a takardar naɗin cewa wani zai duba rahotanninta uku na farko tare da ita. Idan kuwa kaya suna ɓacewa shekara da shekaru, ana zargin akwai haɗin baki ko wata gurguwar hanyar aiki da kowa ya saba da ita, ko kamfanin zai koma wata manhaja da babu wanda ya taɓa amfani da ita a ciki, to sanin gida ya zama nauyi. Da wuya mutum ya tsawatar wa waɗanda jiya suke zaune benci ɗaya da shi, kuma da wuya ya ga aibin tsarin da a cikinsa ya koyi aiki. A nan zan ɗauki baƙo. Wannan tambayar ya kamata kwamiti ya amsa ta tun kafin ya ga sunaye, don idan aka bari sai ƙarshe kowa zai amsa ta yadda za ta dace da wanda yake so.

Akwai bambancin da ba a rubuta shi a takardar maki. Baƙon da aka ƙi, saƙo ɗaya na ban haƙuri ya wadatar, ba za a sake ganinsa ba. 'Yar gidan da aka ƙi gobe da safe tana bakin aikinta, kuma mai yiwuwa ita za a ce ta zagaya da sabon shugaban ta nuna masa inda komai yake. Idan manhaja ce ta cire ta, ko ta ji labari a bakin abokan aiki, a sa ran za ta fara gyara sibinta da gaske, wannan karon don wani kamfanin. Don haka duk ɗan gidan da ya cika sharuɗɗan farko a ba shi intabiyu, ko da ana ganin ba shi zai samu ba. In an yanke hukunci, shugaban kwamiti ya kira ta kafin sanarwa ta fita, ya faɗa mata a fili cewa a lissafi babu wanda ya kamo ta, a rahoto ne ta samu 2, kuma daga wata mai zuwa ita za ta riƙa rubuta daftarin farko na rahoton sito.